Baƙin Man Mota a Injin Babur: Inda Kuloci Ke Shiga Uku

A wurin yawancin masu babur, baƙin mai baƙin mai ne. In an yi wa mota juye aka sami ragowa a galan, sai a ce kada a yi asara, a zuba wa mashin. Wasu ma gani suke gata suka yi masa, tunda man motar ya fi tsada. Sau da yawa kuwa daga nan matsalar kuloci ke farawa, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera injin.

A mota mai giyar hannu, kowa da ɗakinsa. Inji yana da mansa, akwatin giya yana da nasa daban, kuloci kuma a bushe yake aiki, ko ɗigon mai ba a son ya taɓa shi. Babura irin su Boxer da Haojue da suka cika titunanmu ba haka suke ba. Inji da giya da kuloci duk a gida ɗaya suke, kuma mai ɗaya ne, wajen lita guda, yake yi musu hidima. Kulocin a cikin man yake juyawa, shi ya sa ake ce masa jiƙaƙƙen kuloci.

In bakanike ya buɗe murfin gefen dama na injin, za ka ga faya-fayai a jere, ɗaya na ƙarfe zalla, na kusa da shi mai ɗauke da ƙananan gammaye masu kaushi, haka har ƙarshen jerin. Sifirin ne ke matse su wuri guda. Idan ka saki hannun kuloci, sai su kama juna, ƙarfin inji ya wuce zuwa giya, daga nan zuwa tayar baya. Man da ke tsakaninsu yana sanyaya su, yana kuma sa kamun ya zo a hankali ba da fizga ba. To amma ana so man ya matsa gefe da zarar an matse faya-fayan, ya bar su su riƙe juna. Wato aiki biyu masu karo da juna ake nema daga mai ɗaya: santsi a wurin fistin da ringi, kamu a wurin kuloci.

Man mota na zamani ba ruwansa da wannan buƙata ta biyu. Masu haɗa shi burinsu mota ta rage shan fetur, saboda haka suke zuba masa sinadaran ƙara santsi, waɗanda da yawansu daga molibdinom ake yin su. Sinadaran suna manne wa duk abin da suka taɓa, su yi masa shimfiɗa mai sulɓi. A injin mota wannan alheri ne. A kan faya-fayan kuloci kuwa, kamar a shafa wa hannu man gyaɗa ne a ce a ja guga daga rijiya.

Japanawa, da yake su ne manyan masu ƙera babura, su suka fito da ma'auni na musamman a 1998, wanda ake kira JASO T903. Ya raba man babur gida biyu. Mai alamar MA shi ne wanda aka gwada aka tabbatar yana barin kuloci ya kama. Mai alamar MB yana da santsi sosai, an yi shi ne don ƙananan babura marasa sa giya, waɗanda kulocinsu a bushe yake. A 2006 aka ƙara raba MA zuwa MA1 da MA2, inda MA2 ya fi ba da kamu. Saboda haka ganin hoton babur ko rubutun 4T a jikin roba bai wadatar ba, a juya bayanta a nemi JASO MA ko MA2. In kuma aka ga zagayen tambarin API ɗauke da rubutun Energy Conserving ko Resource Conserving a ƙasansa, wannan na mota ne, a mayar da shi kan kanta.

Mu ɗauki misalin ɗan acaɓa mai Boxer da aka ba shi ragowar man mota mai lamba 5W-30. Ranar farko ba zai ga komai ba, ƙila ma ya ji injin ya yi laushi. Bayan 'yan kwanaki, ya ɗauko fasinja da buhun masara, yana giya ta huɗu, ya zo hawa gada, ya murɗa totur. Ƙarar inji ta tashi, amma gudun bai ƙaru ba, sai can daga baya ya ji mashin ɗin ya kama. Wannan shi ne zamewar kuloci, kuma a babbar giya da kaya mai nauyi take fara nuna kanta, don a nan aka fi ɗora wa faya-fayan nauyi. In ya ci gaba a haka, gogayya za ta haifar da zafi, gammayen su ƙone su yi ƙyalli, faya-fayan ƙarfen su yi shuɗi-shuɗi, man ya riƙa warin ƙuna. Fetur ma zai ƙara tafiya, tunda inji na juyawa a banza.

Kafin a ɗora wa mai laifi, a fara duba wayar kuloci. Ya kamata hannun ya yi ɗan wasa, kamar milimita 10 zuwa 20 a bakinsa, kafin a ji ya fara ja. Wayar da aka ɗaure tamau tana sa kuloci zamewa ko da wane mai aka zuba, haka ma sifirin da ya gaji. In waya lafiya take, kuma zamewar bayan juye ta fara, sai a tsiyaye man da ɗuminsa, a zuba na babur, a yi ɗan yawo da shi ba tare da lodi ba, a sake juyewa don wanke ragowar sinadarin. In an farga da wuri, sau da yawa wannan ya isa. Gammayen da suka riga suka ƙone kuwa sai canji, kuma bakaniken kirki yakan jiƙa sababbin faya-fayan cikin man da za a yi amfani da shi kafin ya ɗaura.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta ƙara. Haƙoran giya suna tauna mai, suna yayyanka sinadaran da ke riƙe kaurinsa, ga injin da iska kaɗai ke sanyaya shi yana tsaye a cunkoson Kano cikin zafin Afrilu. Man da dama can siriri ne, nan da nan yake zama ruwa-ruwa, giya ta fara tauri da ƙara.

Na san wani zai ce ya shekara yana zuba man mota bai ga komai ba, kuma ba ƙarya yake ba. Man mota mai kauri irin 20W-50 galibi ba a cika masa waɗannan sinadaran ba, don haka yakan zauna lafiya da kuloci. Sai dai ba a gwada shi a kan kuloci ba, sa'a ce kawai. A ganina wanda ya fi haɗari shi ne man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba lamba ba tambari, da kuma ruwan ƙarin santsi da ake tallatawa wai yana gyara inji. Kaurin da ya dace yana rubuce a littafin da ya zo da babur ɗin, a haɗa wannan lambar da alamar MA ko MA2, kuma a sayi robar da ba a ɓalle murfinta ba.