Sauya Tambari ko Sauya Hali?

Idan ciniki ya ja baya, abin da ya fi saurin zuwa ran mai kamfani shi ne a kira mai zane ya sabunta tambari. Kafin a kira shi, ya kamata a nemo kwastomomin da suka daina zuwa a ji abin da ya kore su, domin amsarsu ce za ta nuna girman aikin.

Wani lokaci za ka tarar mutane na son kayan, sun yarda da farashin, matsalar dai tambarin ya tsufa, ko rubutunsa ba ya fitowa sosai a fuskar waya. Nan gyaran fuska ya wadatar. Haka MTN ya yi a 2022: ya sauƙaƙa zanen, ya bar baƙaƙen haruffa cikin da'ira mai siffar ƙwai, amma bai taɓa sunan ba, bai kuma taɓa ruwan ɗorawar da ko daga nesa ake gane lemar mai sayar da kati da shi ba. Abin da ido ya saba da shi dukiya ce. Kamfanin lemon Tropicana na Amurka ya cire hoton lemo mai tsinken sha daga kwalinsa a 2009, masu saye suka kasa gane shi a kan kanta, ciniki ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari, dole aka dawo da tsohon kwali.

Amma idan kukan mutane a kan kayan ne, zane ba ya magani. A 2017 Etisalat na Najeriya ya kasa biyan bashin dala biliyan 1.2 da bankuna 13 ke binsa, uwar kamfanin ta Daular Larabawa ta janye, ta kuma hana amfani da sunanta. Sauyin suna ya zama tilas, aka koma 9mobile, aka riƙe koren launi da lambar 0809. Ta fuskar zane an yi dabara. Sai dai abin da mai layi ke so shi ne ya kira a ɗauka, ya sayi data ta yi aiki, wannan kuwa kuɗi yake buƙata a zuba wa turakun sabis. Kuɗin bai zo yadda ya kamata ba, miliyoyin masu layi suka yi ta ƙaura.

A ganina, kamfanin da ke irin wannan hali ya fara da tambayar wa yake yi wa hidima, me ya yi masa alkawari, me zai iya cikawa gobe da safe. Sai an gyara kaya, farashi da yadda ma'aikata ke karɓar koke, sannan a zo kan suna da launi. Idan aka juya tsarin, jama'a ba sa ma karɓar sabon sunan: tun 2005 NEPA ta zama PHCN, a 2013 aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni irin su KEDCO, amma har yau idan aka ɗauke wuta, NEPA ake cewa.