Shafi Biyun Farko na Rahoton Ceto Kamfanin Bas

Idan kamfanin sufuri ya shekara biyu ko uku yana tafka asara, masu shi sukan ɗauko masani daga waje ya duba inda gizo ke saƙa. Masanin zai yi makonni yana bin littattafan kuɗi da gareji da tashoshi, ya kawo rahoto mai kauri. Gaskiyar magana, kwamishina ko shugaban hukumar gudanarwa ba zai karanta shafi ɗari ba. Abin da zai karanta shi ne shafi ɗaya ko biyu da ke gaba, wato taƙaitaccen bayanin da aka rubuta domin shugabanni. A kan waɗannan shafuka ake yanke hukuncin rufe hanya, ko rage ma'aikata, ko sakin kuɗi, don haka ya kamata fasinja da direba su ma su san yadda ake karanta su.

Wannan batu ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1988, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kafa shirin sufurin jama'a na tarayya, jihohi suka rungumi harkar bas, kuma kowa ya san sunaye irin Kano Line da Borno Express da Yankari Express. Sai ga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, lissafin duk mai mota ya birkice. Misalin da zan kawo ba na ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ba ne. Na tsara alƙalumansa ne don lissafin ya fito fili.

A ce kamfanin yana da bas 60 masu kujera 16, dukkansu suna jigilar Kano zuwa Kaduna ta Zariya, tafiyar kilomita kusan 230. Taƙaitawa mai kyau ba ta ɓata lokaci a kan tarihin kamfani. Jimlarta ta farko za ta ce ana asarar naira 350,000 a kullum, wajen miliyan goma da rabi a wata, ta biyun kuma ta faɗi dalili: cikin bas 60, guda 35 ne kawai ke fita.

Sauran 25 ɗin suna gareji, kuma duk wanda ya taɓa leƙa irin wannan gareji ya san yadda abin ke faruwa. Mota ta tsaya saboda famfon mai, ba a saki kuɗin sayen sabo ba. Bayan mako guda wata ta buƙaci batir, bakanike ya cire na wadda ke tsaye. Gobe taya, jibi giyabos. Kafin wata shida motar da ƙaramin gyara zai tayar ta zama ƙwarangwal a kan duwatsu. Amma albashin direbanta bai tsaya ba, haka na akawu da maigadi, haka kuɗin wuta da na ofis. A misalinmu waɗannan kuɗaɗe da ba ruwansu da motsin mota sun kai naira 2,100,000 a rana. Da motoci 60 ke aiki, kowace za ta ɗauki 35,000. Da yake 35 ne, kowace tana fita da nauyin 60,000 tun kafin a kunna ta.

Sai kuɗin tafiyar kanta, zuwa da dawowa. Fetur 60,000, alawus ɗin direba da kuɗin tasha da na 'yan kamasho 25,000, abin da ake warewa don taya da baƙin mai da birki 35,000, sai 30,000 da ya kamata a ajiye don sayen wata motar idan wannan ta tsufa. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, shi ya sa kamfani zai yi ta ganin kamar yana cin riba har ranar da motocinsa za su tsufa tare. Jimla 150,000, a haɗa da 60,000 ɗin can, ya zama 210,000. Idan kuɗin mota 8,000 ne, ana buƙatar fasinja 27 cikin kujeru 32 kafin a fita kunya. Takardun kamfani kuwa suna nuna 25: a cika a Kano, a dawo da mutum tara. Kowace mota tana cin bashin 10,000 a rana.

Daga nan shawarwari ke fitowa, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Masanin da ya san aikinsa zai sa toshe ɓaraka a gaba, domin ba ta buƙatar jari. Kujerun nan bakwai da takarda ta ce babu kowa a kansu, ba lalle ne haka suka iso Kano ba. Direba ya tsaya a Zariya ya ɗauki mutum uku a kan 4,000 kowanne, 12,000 ke nan da ba ta shiga asusu ba, ta ma fi asarar da motar ke yi. Ana gane wannan ta hanyar tsayar da mai duba a hanya ba zato, ya ƙirga kawuna ya gwada da takardar fasinjoji, ana kuma gwada litar man da aka sha da kilomitar da aka ci. Ni dai ba na yarda da rahoton da ya tsaya a kan zargin direbobi bai tambayi ko ana biyansu albashi a kan kari ba, don wanda ke bin bashin wata uku zai nemi na cefane a hanya ko da na'ura aka dasa masa.

Shawara ta biyu ita ce a tayar da 15 daga cikin motocin gareji, a yi gwanjon goman da suka wuce gyara, a zuba kuɗinsu a kayan gyara. Da mota 50 a hanya, nauyin kowace ya sauko zuwa 42,000, kuɗin tafiya ya koma 192,000, fasinja 24 sun isa. Sayen sababbin motoci, ko mayar da injuna su yi aiki da iskar gas, sai a baya, bayan an ga gyaran farko ya kama. Shugabanni kan so a fara da sababbin motoci saboda ana yanka kirtani a ɗauki hoto, amma garejin da ya cinye 25 zai cinye su su ma.

A nan ne mai karatu ya kamata ya buɗe ido. Yanzu motoci 35 suna ɗaukar mutum 875 a rana. Motoci 50 suna buƙatar 1,200 kafin su mayar da kuɗinsu. Ina za a samo ƙarin 325? Idan fasinjoji suna komawa tashar 'yan ƙungiya ne saboda ba su sami mota ba, to za su dawo. Idan kuwa iyakar masu tafiyar ke nan, raba su za a yi a kan motoci da yawa, kowace ta tashi da kusan mutum 17 ko 18 a zuwa da dawowa, asara ta ninka sau da yawa. Taƙaitawar da ba ta faɗi inda ta samo wannan zato ba, kuma ba ta nuna abin da zai faru idan fetur ya ƙara tashi ba, tallan fata ce kawai.

Akwai kuma hanyoyin da gwamnati ke so a bi ko babu riba, kamar na ƙauyuka ko rangwamen ɗalibai. Rahoto na gari zai ware su, ya rubuta abin da suke ci a shekara, ya ce gwamnati ta biya wannan a bayyane, kada a cusa shi cikin asarar kamfani.

Sakin layi na ƙarshe shi ne roƙo: nawa ake so a saki, wa zai riƙe kowane aiki, da ranar da za a zauna a duba. A misalinmu abu uku za a ƙirga duk ƙarshen wata, wato motocin da suka fita, fasinjan da kowace ta ɗauka, da litar da ta sha a kilomita ɗari. Idan bayan wata uku motocin da ke fita ba su haura 35 ba, kada a saki kashi na biyu na kuɗin.