Filinka na Tagwai ya yi tsada, amma jarinka fa?

Da yawanmu da ke nema a Legas, Ibadan ko Fatakwal muna auna arziki da kuɗin da ke shiga a rana. Ma'aunin da ya fi shi ne ka zauna duk wata uku, ka haɗa abin da ka mallaka, ka cire bashin da ake bin ka. Abin da ya rage shi ne naka.

A ce kana sayar da albasa a Mile 12, kana da fili a wajen Tagwai da ke Minna. Ƙarshen Maris kana da naira 800,000 a hannu da banki, albasa ta 1,200,000 a farashin sari, shanu biyu a gida na 1,400,000, ga fili da ka saya 3,000,000. Kana bin mutane 600,000, amma 200,000 a ciki sun wuce wata shida ba labari. Ka cire su daga lissafi, in sun dawo alhamdu lillahi. Jimilla 6,800,000 ke nan.

Sai bashi. Mai aiko maka kaya yana bin ka 900,000. Adashi kuma, nan ake yawan kuskure: in ka riga ka kwasa, zubin da ya rage bashi ne a kanka. A ce 300,000 ne. Naka na gaskiya 5,600,000.

Kar ka sa gidan gado da ba a raba ba, ko kayan ɗakin maiɗakinka, ko kuɗin da wani ya ba ka ajiya.

Ƙarshen Yuni ɗan'uwa ya bugo waya, wai yanzu fili a unguwar ya kai miliyan huɗu. Ka sa hakan, lissafi ya ba ka 6,200,000, ka ji daɗi. To amma cire filin ka gani: sauran dukiyar ta sauko daga 2,600,000 zuwa 2,200,000. Jarin da ke ciyar da gida ya zube da 400,000, maganar fili ta rufe ramin. Shi ya sa na fi son a riƙe layi biyu, ɗaya da fili, ɗaya babu. Kuɗin filin kuma a taɓa shi sau ɗaya a shekara, bisa abin da aka sayar da na kusa da shi, ba abin da dillali ya faɗa ba.

Faɗuwar zango ɗaya ba abin tsoro ba ce, musamman in Sallah ko biki ya faɗo ciki. Albasa ma tana da lokacinta, don haka ka gwada Yunin bana da Yunin bara. In layin da ba fili ya sauka sau uku a jere, ana cin uwar kuɗi.

Ka kuma tuna naira kanta tana ramewa. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, wanda dukiyarsa ta ƙaru da kashi 15 a shekarar baya ya ci. Ka riƙa rubuta kuɗin buhun shinkafa na ranar a gefen lissafin, ka raba ka ga buhu nawa dukiyarka za ta saya.