Gyaran gabatarwa: yadda sakin layi mai yawo ke samun matsaya

Duk malamin da ya taɓa zama gaban tulin takardun ɗaliban shekara ta biyu ya san irin sakin layin da zan kawo a nan. Na haɗa shi ne daga ayyuka da yawa da suka bi ta hannuna, don haka kada wani ya tsargu. Batun da aka bayar shi ne kalmomin aro daga Faransanci a Hausar Nijar, kuma ga yadda ɗalibin ya buɗe:

“Harshe baiwa ce da Allah ya yi wa ɗan Adam domin ya bambanta shi da sauran halittu. Tun fil azal al'ummomi suna cuɗanya da juna. Hausa tana cikin harsunan Cadi, kamar yadda Greenberg ya nuna a 1963, kuma tana da masu magana da yawa a Afirka ta Yamma. Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, Zinder ta zama babban birni har 1926, sannan ƙasa ta sami ƴanci a 1960. Hausa ta ari kalmomi daga Larabci da Ingilishi da Faransanci da Azbinanci da Barbarci. Aron kalmomi yana da amfani, yana kuma da illa. A wannan aiki za mu yi ƙoƙarin yin tsokaci a kan kalmomin aro.”

Shekarun da ya kawo daidai suke, sunan masanin ma daidai yake. Matsalar tana wani wuri: mai karatu ya gama jimla bakwai bai san abin da marubucin yake so ya tabbatar ba. Da za a ɗauki wannan sakin layi a liƙa shi a gaban aiki kan karin magana, ko kan jam'in suna, ko kan tarihin rubutun boko, jimla huɗu na farko za su zauna daram ba tare da an taɓa ko wasali ɗaya ba. Wannan shi ne gwajin farko da nake ba ɗalibai: jimlar da za ta iya buɗe aikin wani, ba ta aikinka ba ce.

Dalilin irin wannan yawo ba lalaci ba ne a mafi yawan lokuta. Ɗalibi yakan fara rubuta gabatarwa tun kafin ya san inda binciken zai kai shi, sai ya cika layukan da abin da ya tabbata ba za a ƙaryata ba. Akwai kuma tarbiyyar magana da muka tashi da ita, wadda ba ta yarda mutum ya faɗa wa babba buƙatarsa kafin gaisuwa ta yi nisa. A zaure wannan ladabi ne. A takarda mai shafi biyar, malamin da ke da sauran takardu sittin a gabansa yana neman buƙatar ne tun daga bakin ƙofa.

Gyaran ba ya farawa daga sakin layin kansa. Na ce wa ɗalibin ya ajiye shi, ya buɗe shafi na uku da na huɗu, ya faɗa mini da baki abin da ya gano wanda bai sani ba kafin ya fara. Ya yi shiru, sannan ya ce ya lura wasu kalmomin suna farawa da harafin l wanda babu shi a asalin sunan. Ya kawo lakwal, wato makaranta, da lanho, wato haraji, da labatuwar, wato mayanka. A Faransanci sunayen su ne ekol da ampo da abatuwar (na rubuta su yadda kunne ke jin su, domin da kunne aka are su). Wannan l ɗin mafayyaci ne da Faransanci ke sa wa a gaban suna, sai Hausa ta haɗiye shi tare da sunan, ya zama kalma guda. Amma mushe da kamyo da kaye da kumandan sun shigo ba tare da shi ba. Wannan lura tana binne a tsakiyar shafi na huɗu, cikin jimla biyu, alhali ita kaɗai ce abin da yake nasa a cikin aikin duka.

Lura ba ta isa ta zama matsaya ba tukuna. Sai an juya ta zuwa tambaya: me ya sa mafayyacin ya manne wa wasu kalmomi ya bar wasu? Matsaya ita ce amsar da marubuci ya ɗauki nauyin karewa. Yunƙurinsa na farko ya fito haka: “Wannan aiki zai duba kalmomin aro masu farawa da l.” Wannan sanarwar batu ce kawai. Ba wanda zai iya cewa “ban yarda ba”, kuma jimlar da ba a iya musanta ta ba ta buƙatar shafi biyar na hujja.

Yunƙuri na biyu ya fi ƙarfi: “Mafayyacin yana mannewa ne idan sunan Faransanci ya fara da wasali, domin Hausa ba ta yarda gaɓa ta fara da wasali ba.” Yanzu an sami abin da za a iya gwadawa. Rabin farko yana tafiya da misalan: ekol da ampo da abatuwar duk da wasali suka fara, mushe da kamyo da kaye kuwa da baƙi. Rabi na biyu ma ya dogara da gaskiyar da kowane ɗalibin tsarin sauti ya sani, cewa gaɓar Hausa da baƙi take farawa, kuma kalmomi irin su ido da aiki suna da hamza a farkonsu wadda ba a rubutawa.

A nan ne na ɗan tsaya da shi, domin nan ne yawancin ɗalibai ke gaggawa. Sun sami jimla mai daɗin ji, sai su rufe ido ga abin da ya saɓa mata. Na tambaye shi: lokotoro fa? Asalinta doktar, da baƙi ta fara, amma ga l a farkonta. Haka lakile, mabuɗi. Na kuma tambaye shi game da dalilin da ya bayar. Idan tilas ne gaɓa ta fara da baƙi, ai hamza ta wadatar, kamar yadda ta wadatar a ofis da inji da aka aro daga Ingilishi. Ke nan tsarin gaɓar Hausa bai tilasta shigowar l ba. Bayanin da ya fi kusa shi ne cewa a bakin Bafaranshe, mafayyaci da wasalin farkon suna sukan narke su zama gaɓa guda, kuma wanda ya ji kalmar a kasuwa ko a gaban kumandan, bai taɓa ganin ta a rubuce ba, ba shi da hanyar gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Ɗalibin ya tsorata, yana ganin aikinsa ya rushe. A ganina lokacin ne aikin ya samu, domin matsayar da ta san iyakarta ta fi wadda ke da'awar ta share komai. Kalma biyu aka canza: “koyaushe” da ke ɓoye cikin jimlarsa ta koma “galibi”, dalilin kuma ya tashi daga tilascin gaɓa ya koma kan yadda aka ji kalmar. Misalan da suka saɓa ba a ɓoye su ba, an ba su gurbi tun a gabatarwa. Ga abin da ya fito bayan zama na uku:

“A Hausar Nijar ana ce wa makaranta lakwal, ana ce wa haraji lanho, kuma l ɗin da ke farkon kalmomin biyu mafayyacin Faransanci ne da ya manne wa suna. Amma mushe da kamyo, waɗanda aka aro daga harshe ɗaya, sun shigo ba tare da shi ba. Wannan aiki yana nuna cewa mafayyacin galibi yana mannewa ne idan sunan ya fara da wasali, domin a furuci yakan haɗu da wasalin su zama gaɓa guda, kuma da ji aka ari kalmomin. Za a fara da kalmomin da suka bi wannan tsari, sannan a gwada shi da lokotoro da lakile, waɗanda suka saɓa masa. Aikin ya taƙaita ga sunaye, kamar yadda ake furta su a Maraɗi.”

A lura da aikin da kowace jimla ke yi. Biyun farko sun sa misali a gaban mai karatu, sun kuma haifar da tambayar ba tare da an rubuta ta da alamar tambaya ba. Ta uku ce matsayar, da dalilinta. Ta huɗu ta nuna hanya, kuma ba irin “da farko za mu ga ma'anar aro, na biyu ire-irensa, na uku kammalawa” da aka saba ba, wadda ita ma za ta dace da kowane aiki. Ta biyar ta kare ɗalibin daga tambayar da tabbas za a yi masa, domin furucin waɗannan kalmomi yana bambanta daga gari zuwa gari. Wani zai ce lekwal yake ji a garinsu, kuma yana da gaskiya.

Ina sauran jimlolin suka tafi? Baiwar harshe da “tun fil azal” an soke su, ba wanda ya yi kewarsu. Greenberg da dangin Cadi ma sun fita, tun da ba wata hujja a aikin da ta jingina da su. Shekarun mulkin mallaka sun koma sakin layi na biyu, inda suke da aikin yi: nuna cewa kalmomin haraji da makaranta da asibiti sun shigo a lokacin da mafi yawan masu magana ba su karanta Faransanci. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ambaton Larabci. A tsohuwar gabatarwa suna ne kawai cikin jerin harsuna biyar. Da aka sami matsaya sai ya zama abin kwatanci mai nauyi, domin al ta Larabci ta manne a alƙali da alƙalami, ta kuma rage zuwa l a littafi da labari. Duk da haka na hana shi mayar da ita gabatarwa. Ya sa ta kusa da ƙarshe, a sakin layi guda, don kada aiki mai shafi biyar ya ɗauki alkawarin kwatanta harsuna biyu.

Saura gyara ɗaya ƙarami wanda ɗalibai ke yawan gardama a kansa. “Za mu yi ƙoƙarin yin tsokaci” ya koma “wannan aiki yana nuna cewa”. Ɗalibin ya ce yana jin nauyin ya yi magana da irin wannan ƙarfi a gaban malamansa. Na nuna masa cewa tawali'unsa yana nan cikin “galibi”, da cikin kalmomi biyun da ya yarda sun saɓa masa, da cikin taƙaita kansa ga gari ɗaya. Kafin ya miƙa takardar, na sa ya ba abokin zamansa, wanda ke karatun lissafi, sakin layin kaɗai, ya tambaye shi abin da aikin ke son tabbatarwa. Abokin ya amsa cikin jimla ɗaya, sannan ya tambaya ko an sami bayanin lokotoro.