Kundin da ke riƙe da duniyar fim ɗin katun

Fim ɗin katun mai dogon zango aikin hannu da yawa ne. Marubuta suna wani ɗaki, masu zane suna wata ƙasa, masu ɗora murya kuma ba lallai su taɓa ganin juna ba. Abin da ke hana su jan labarin kowa ta gefensa shi ne wani kundi da ake rubutawa tun kafin a zana kashi na farko, wanda masu sana'ar ke kira baibul ɗin shiri. A ciki ake fayyace dokokin duniyar labarin, da halayen 'yan wasa, da irin launin da shirin zai ɗauka. A ganina, mafi amfani a cikinsa shi ne inda aka rubuta abin da ba zai yiwu ba.

Mu ɗauki Avatar: The Last Airbender, wanda Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko suka ƙirƙira wa tashar Nickelodeon, aka nuna kashi 61 daga 2005 zuwa 2008. A Amurka ake rubuta shi, a Koriya ta Kudu ake motsa zanen. Duniyarsa al'umma huɗu ce, ta ruwa, ta ƙasa, ta wuta da ta iska, kuma a kowacce akwai masu baiwar sarrafa abin da aka san su da shi. Mutum guda ne kawai, wato Avatar, ke iya haɗa duka huɗun. Har motsin jiki an tsayar da shi: masu ruwa suna bin salon Taici mai taushi, masu wuta kuma salon Shawolin na arewacin Sin. Don haka mai zane a Seoul ba ya buƙatar tambayar yadda jaruma Katara za ta ɗaga hannu.

To ga inda iyaka ke biyan kuɗinta. Doka ta ce mai sarrafa ƙasa ba ya iya taɓuka komai da ƙarfe. A zango na farko sai aka ga an tsare irin waɗannan mutane a kurkukun ƙarfe a tsakiyar teku, babu ko ƙwayar yashi kusa da su. Marubuta ba su karya dokar don su kuɓutar da su ba. Sai suka nemo gawayin kwal da ake hura injin wurin da shi, wanda daga ƙasa aka haƙo shi. A ƙarshen zango na biyu aka kulle Toph, yarinyar nan makauniya, a akwatin ƙarfe. Da yake da girgizar ƙasa take gane abin da ke kewaye da ita, sai ta ji burbushin ƙasar da ya rage a jikin ƙarfen, ta lanƙwasa shi. Mai kallo ya yi mamaki amma bai ji an yaudare shi ba, domin mafitar daga cikin dokar ta fito. Da a ce tun farko an bar kowa yana yin abin da ya ga dama, da wannan wuri bai girgiza kowa ba. Alamar kundi mara ƙarfi ke nan: duk lokacin da jarumi ya shiga tsaka mai wuya, sai wata sabuwar baiwa ta faɗo masa daga sama.

Shafin kowane ɗan wasa shi ma haka. Shekaru da tsayi da kalar riga suna da amfani ga mai zane, amma marubuci yana neman abin da mutumin ke so, da abin da ba zai taɓa aikatawa ba. Aang yaro ne ɗan shekara 12 da ya tashi hannun sufaye masu ƙyamar kisa, ga shi kuma an ɗora masa kawo ƙarshen yaƙin shekara 100. Wannan saɓani shi ya riƙe labarin har kashi na ƙarshe. Kundin ba ya hana gyara: a shirin farko Toph namiji ne ƙaƙƙarfa. Sharaɗin dai shi ne, idan an canza, a rubuta, kowa ya samu sabon kwafi.

Launin shiri ya fi wuyar rubutawa. Cewa "akwai ban dariya da ban tausayi" ba ta taimaki kowa ba. A faɗi ƙarara: shekarun masu kallo nawa, ana nuna jini ko ba a nunawa, wa ke da izinin yin barkwanci ana cikin tashin hankali. Sannan a haɗa da taƙaitaccen labarin kashi biyar ko shida, a ga ko dokokin suna haifar da labari.

Kai da ke shirin rubuta naka, miƙa shi ga marubucin da bai taɓa jin labarin daga bakinka ba, ka ce ya rubuta kashi ɗaya. Duk tambayar da ya dawo maka da ita, amsarta ta shiga kundin.