Yadda lissafi ke tona asirin kiɗan Webern

Tun wajen 1908 Arnold Schoenberg da almajiransa a birnin Biyana suka fara tsara kiɗan da ba shi da sautin gida, wato babu wani sauti guda da ake komawa a huta a kansa. Mai sauraro sai ya ɗauka an watsa sautuka ne kawai. Akwai tsari a ciki, kuma hanyar da Allen Forte ya shimfiɗa a littafinsa na 1973 ita ce ta fi fito da shi fili.

Maɓallan fiyano iri 12 ne suke ta maimaituwa. Sai a ba kowane lamba, daga C mai lamba 0 har zuwa B mai lamba 11. Duk C, na sama ko na ƙasa, ajinsu ɗaya, 0. Lissafin irin na agogo ne, in ka wuce 11 ka dawo 0.

Mu ɗauki kiɗan kayan kiɗa tara da Anton Webern ya kammala a 1934. Sautukansa uku na farko su ne 11, 10 da 2. A jera su yadda za su fi matsuwa: 10, 11, 2. A cire 10 daga kowanne, ana tuna cewa 2 daidai take da 14, sai a sami 0, 1, 4. Sunan rukunin ke nan, (014). Uku na biye, 3, 7 da 6, suna ba da 0, 3, 4, wanda shi ɗin ne dai aka kifa shi. Jerin sautuka 12 na kiɗan gaba ɗaya wannan ɗan rukuni ne sau huɗu, kuma nan ne kyansa yake.

Saura tazara. Ana auna kowane sauti da kowane ɗan'uwansa ta gajeriyar hanya, don haka tazara ba ta wuce 6. Masu koyo sukan yi tuntuɓe a nan: daga 0 zuwa 9 tazarar 3 ce, ta baya. A (014) akwai tazarar 1, da 3, da 4. Sai a tanadi gurbi shida, na farko don tazarar 1, na ƙarshe don 6, a rubuta sau nawa kowace ta fito: <101100>. Wannan shi ne jerin tazara. In sautuka uku ne, jimillar lambobin dole ta zama 3, in huɗu ne 6. In ba ta kai ba, an tsallake wasu biyun.

Amma jerin bai isa shaida shi kaɗai ba. Rukunin (0146) da (0137) duk <111111> suke bayarwa, alhali ko an ɗaga ɗaya ko an kifa shi ba zai zama ɗayan ba. Kuma jerin ba ya faɗin wane sauti ya fara, ko wane kayan kiɗa ya yi shi. Wannan sai an saurari kiɗan.