Yadda ake jiƙa busasshen kifin Norway ya yi laushi, ya kuma ba miya ɗanɗano

Duk wanda ya taɓa tayin busasshen kifin Norway a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko kasuwar Wuse ta Abuja ya san cewa ya tashi daga cimar talaka. Da kuɗin waje ake shigo da shi, don haka duk girgizar da naira ta yi sai ta bayyana a farashinsa. A shekarar 2015 Babban Bankin Najeriya ya sanya kifi cikin kayayyaki 41 da ya hana wa masu shigo da su dala a farashin gwamnati, bai kuma janye wannan takunkumi ba sai a watan Oktoban 2023, lokacin da darajar naira ta riga ta faɗi warwas. Abin takaici shi ne a biya wannan tsada, a kai kifin gida, sannan a tsame shi daga miya da tauri kamar itace, ko kuma a narkar da shi da kanwa har ya rasa kamanninsa.

Kafin a san yadda za a tausasa shi, sai an san abin da ya sa ya taurare. Kifin da Ibo ke kira okporoko, Yarbawa kuma ke kira panla, galibi daga arewacin Norway yake fitowa, musamman tsibiran Lofoten. Ana kama shi da hunturu, a rataye shi a kan manyan katakai daga wajen watan Fabarairu zuwa Mayu, iska mai sanyi ta busar da shi ba tare da gishiri ko hayaƙi ba, daga nan a ƙarasa busar da shi a rumbu. Kafin a gama, mafi yawan ruwan jikinsa ya fice, abin da ya rage kusan duk furotin ne da ya cure wuri guda. Ya daɗe yana shigowa Najeriya, amma ya ƙara samun gindin zama a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da aka riƙa aika shi yankin Biyafara a matsayin agajin abinci.

Ke nan aikin mai girki shi ne ya mayar wa kifin da ruwan da iska ta kwashe cikin watanni. Ruwa kuwa a hankali yake ratsa tsokar da ta bushe, daga baya zuwa ciki, ƙarfin wuta ba ya gaggauta shi yadda ake zato. Idan aka jefa busasshen yanki kai tsaye cikin miya mai tafasa, bayansa zai dahu ya fara saɓulewa alhali tsakiyarsa tana nan ƙam. A Italiya, inda ake sayen mafi tsadar wannan kifi, sukan jiƙa shi ɗungurungum a ruwan sanyi har kusan mako guda, suna sauya ruwan kullum. Mu ba ma buƙatar haka, domin mai sayarwa yana yanka shi gunduwa-gunduwa da zarto, kuma gwargwadon ƙanƙantar yanki gwargwadon saurin jiƙuwarsa.

A ɗauki misalin miyar agushi da za a yi wa gida mai mutum shida. Giram 300 ya wadatar, a haɗa tsoka da kai, a kuma roƙi mai zarto kada kaurin yanki ya wuce yatsu biyu. Da misalin ƙarfe goma na dare a wanke shi da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a cuɗa lungunan kai sosai, domin nan ne ƙura da ƙwari ke ɓuya. Sannan a zuba masa sabon ruwan sanyi ya sha kansa da kamar yatsu uku, saboda zai kumbura. Da asuba a zubar da ruwan a sake wani. Zuwa ƙarfe bakwai ko takwas na safe, idan aka danna tsokar da babban yatsa za ta lotsa, idan aka lanƙwasa ta kuma za ta bi hannu. In tsakiya tana nan da tauri, a ƙara mata awa biyu.

A nan akwai abin da yanayinmu ya tilasta. A watan Afrilu, lokacin da ɗaki ke yin zafi har cikin dare, kifin da ya kwana a ruwa guda yana iya fara lalacewa kafin gari ya waye. In akwai firji da wutar lantarki, a ajiye kwanon a ciki. In babu, gara a bi gajeriyar hanya: a zuba masa tafasasshen ruwa, a rufe, a bar shi awa ɗaya, a kuma amince cewa zai ɗauki ƙarin lokaci a wuta. Ƙaurinsa mai ƙarfi ba aibi ba ne, haka yake. Yauƙi a jiki, kumfa a saman ruwa da warin ruɓa su ne alamun ya tashi daga aiki.

Bayan jiƙo sai dahuwa. A ɗora shi tare da nama da albasa tun daga farko, idan ya tafasa a rage wuta, a bar shi yana ɓararraka a hankali na minti 45 zuwa awa ɗaya. Ya dahu idan cokali mai yatsu ya shige shi, tsokar kuma ta rabu falle-falle. A tsame shi a cire ƙayoyi, musamman in yara za su ci, sannan a mayar da shi miya minti goma sha biyar kafin a sauke. Ruwan dahuwar kuwa kada a zubar, domin rabin kuɗin da aka biya a cikinsa yake. Fata da guringuntsin kai suna narkewa su ba romo danƙo da kauri, shi ya sa kai, duk da arharsa, ya fi tsoka gyara miya, ko ta kuka ce ko ta kuɓewa.

Kanwa tana tausasa shi da sauri, wannan gaskiya ne. Su kansu mutanen Norway suna da wani abinci da suke jiƙa wannan kifi a ruwa mai kaifi irin na toka har ya koma kamar kunu mai kauri. Sai dai a miyarmu abin da ake nema shi ne tsoka da haƙori zai ji. Kanwar da ta wuce girman ƙwayar wake a tukunya irin wannan takan sa kifin ya yi santsi, ta bar ɗanɗanon sabulu a baki. A ganina, wanda ya jiƙa kifinsa tun dare ba ya buƙatarta ko kaɗan.

Kada a yi wa banda irin wannan hidima. Tarwaɗar da aka ƙyafe a Baga ko Yawuri ta riga ta ga wuta, minti biyar zuwa goma a ruwan zafi mai gishiri ya ishe ta, a wanke yashi, a cire ƙaya da kayan ciki, a sa ta a miya gab da saukewa. In ta kwana a ruwa, ƙamshin hayaƙin ya bi ruwa, in ta yi awa a wuta kuma sai dai a nemi ɓurɓushinta.

Abin da jiƙo ba ya gyarawa shi ne guba. Wasu 'yan kasuwa na fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ƙwaro ya huda shi, hukumar NAFDAC kuma ta sha yin gargaɗi a kan amfani da irin waɗannan magunguna a kan abinci. Wanki da sauya ruwa suna rage abin da ke baya, amma ba su da tabbas a kan abin da ya riga ya shiga tsoka. A shinshina kifin tun a gaban mai shi: in yana warin magani ko kananzir, a bar masa kayansa. In kuma an bubbuga shi gari ya zubo daga ƙananan huduji, ƙwaro ya riga ya cinye cikinsa, nauyin ƙashi da fata kawai za a biya.